Ƙullin yaji na hamsin ko na ɗari: a rage awo ne, ko a ƙara kuɗi?

"Salamu alaikum. Ina yin yajin ƙuli ina ƙullawa na naira 50, ina kai wa masu shago dozin a kan 500. Da kilo ɗaya yana tsaya mini a 2,500, yanzu ya kai 4,000. Kaya suna tafiya amma kuɗi ba sa taruwa. In rage yajin in bar shi a hamsin, ko in mayar da shi ɗari? Masu sayena talakawa ne, ina tsoron su gudu."

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kafin ki zaɓi ɗaya, mu fara gano inda kuɗin suke zurarewa, domin ina zargin ba raguwa ribarki ta yi ba, faɗuwa kike yi a kan kowane ƙulli.

Hamsin ɗin da yaro yake miƙa wa mai shago ba ita ce take zuwa hannunki ba. Dozin 500 ki raba gida goma sha biyu, kusan naira 42 ke nan a kan ƙulli. Daga wannan 42 ɗin ake fara lissafi. Sannan kilon da kika daka ba ya shiga leda gaba ɗaya, akwai wanda yake maƙalewa a roba, da wanda yake zubewa, da wanda ake ɗanɗanawa. Mu ce giram 950 ne suke kaiwa kasuwa. A kan 4,000, kowane giram ya tsaya miki a naira 4 da kwabo 20. Sai kuɗin da ba ruwansa da yawan yajin: leda, 'yar takardar suna, da ladan mai ƙulli, ko da ke ce mai ƙullin. Ni zan sa naira 8, ke kuma ki sa naki na gaskiya. Tunda ba ki faɗi awonki ba, zan ɗauka giram 10 ne, wanda shi na fi gani a irin wannan ƙullin. Yaji na naira 42, leda da aiki 8, hamsin cif. Ke kuma 42 kike karɓa. Lokacin da kilo yake 2,500, wannan ƙullin yana tsaya miki a 34, kina cin naira 8. Yau naira 8 ɗin nan ke kike biya daga aljihunki, kuma duk yadda ciniki ya ƙaru haka ramin yake ƙara zurfi. Shi ya sa kike ganin kaya suna tafiya babu abin nunawa.

To, ga hanyoyin biyu gefe da gefe, duka a kan kilo ɗaya.

Ta farko, ki bar shi a hamsin ki sauko da awo zuwa giram 6. Kilo zai ba ki ƙulli 158. Za ki karɓi wajen 6,580, ki cire 4,000 na yaji da 1,260 na leda da aiki, ya rage miki kusan 1,300. Kyawunta shi ne mai saye bai ji canji a aljihunsa ba. Ɗan makarantar da aka ba hamsin, da leburan da ya sayi ɗanwake yana neman abin barbaɗawa, duk suna nan inda kika bar su. Muninta shi ne aiki. Ƙulli 158 don naira 1,300, kuma kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da kike karɓa leda da ƙulli ne suke cinyewa.

Ta biyu, ki koma ɗari, dozin 1,000, wato kusan 83 a hannunki. A nan akwai tarko. Idan kika bar giram 10 ɗin nan kika ce ɗari, a takarda ribar kilo ta haura 3,000, abin sha'awa. Amma mai saye ya san ƙullin da ya saya jiya a hamsin, kuma maƙwabciyarki ma tana daka yaji. Ba na ba ki shawarar wannan. Ɗarin da za ta tsaya ita ce wadda aka ƙara mata awo, giram 13. Kilo zai ba ki ƙulli 73, ki karɓi wajen 6,080, ki cire 4,000 da kusan 660 na leda mai ɗan girma a kan naira 9, ya rage miki wajen 1,400. Ribar ta ɗan ɗara ta farko, aikin bai kai rabi ba, kuma mai saye ya samu fiye da abin da zai samu in ya sayi na hamsin guda biyu, wato 13 maimakon 12. Muninta ɗaya ne amma babba: wanda hamsin kaɗai gare shi ya fita daga cikin masu sayenki.

Ki lura da wannan giram ɗaya na bambanci, don da gangan na sa shi. Dole ƙaramin ƙulli ya fi tsada a kan giram, tunda leda da aiki kusan ɗaya ne ko yajin kaɗan ne ko da yawa. Idan biyu na hamsin suka fi ɗaya na ɗari auki, ba mai taɓa na ɗarin, sai ki wayi gari kina ta ƙullin da ya fi wahala kuma ya fi ƙarancin riba. Mutanenmu sun iya wannan lissafin a tafin hannu ba tare da sikeli ba.

Wataƙila ki ce me zai hana saba'in. Canji ne zai hana. Takardun 5 da 10 da 20 sun yi wuya a hannun mutane, mai shago kuma ba zai tsaya neman talatin a kan ƙullin yaji ba. Ko dai ya sayar a ɗari ya cinye bambancin, sunanki ya ɓaci a kan tsadar da ba ke kika ci ba, ko ya ba da alawa a madadin canji, ko ya ce ki daina kawowa. A kasuwar ƙulli farashi tsalle yake yi daga takarda zuwa takarda, 50, 100, 200. Ki tuna ruwan leda, daga naira 5 ya koma 10, daga 10 ya koma 20. Abin da yake hannunki da za ki iya motsawa kaɗan-kaɗan shi ne awo. Manyan kamfanoni ma haka suke yi tun lokacin da madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 1993 ta saba wa mutane da madarar ƙaramar leda: a fara da kuɗin da ke hannun mai saye, sannan a auna abin da zai shiga.

Sai dai rage awo yana da iyaka, kuma iyakar ba a takarda take ba, a kwano take. Ƙulli dole ya gama aiki ɗaya. Giram 6 na yaji kusan cokalin cin abinci ɗaya ne, yana isar kwanon shinkafa da wake na mutum ɗaya. Idan kika sauko giram 4, mutum zai barbaɗa bai ji komai ba, ya ga sai ya sayi biyu, a ransa kuwa kin riga kin mayar da shi ɗari ta bayan gida. Wannan ya fi ƙarin farashi ɓata ciniki. Ki gwada a gidanki kafin ki kai shago, ki ba wani ƙulli ɗaya da abincinsa ki ga ko zai nemi ƙari.

A nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa. Idan kilo ya kai wajen 5,300, ƙullin giram 6 ya daina ba da ko kwabo, kuma babu sauran abin ragewa. Na ɗari shi ma ribarsa tana ƙarewa a kusa da wurin, amma shi yana da wurin ja da baya, daga 13 zuwa 11, har zuwa 10, yana nan yana cika kwano. Don haka ni a ganina ki yi duka biyun, amma ki san wanda kike ginawa. Na hamsin ki kai shi inda hamsin take yawo, bakin makaranta, tasha, wajen masu abinci. Na ɗari ki cika shagunan cikin unguwa da shi, inda uwar gida take aiken yaro. Ki fara saba wa mutane da shi tun yanzu, ranar da barkono da ƙuli suka sake tashi sai ki janye na hamsin a hankali ba tare da kin rasa kowa da yawa ba.

Abin da ya fi kashe masu ƙaramin ƙulli kuwa shi ne hannu. Mu mata muna da cika hannu, ana ganin kamar albarka ce. Ki duba: idan mai ƙulla miki tana zuba giram 7 maimakon 6, kilo zai ba da ƙulli 135 maimakon 158, ribar ta faɗo daga 1,300 zuwa wajen 550. Giram ɗaya da ido ba ya gani ya tafi da fiye da rabi. Ni ma na taɓa yin wata guda ina zargin mai niƙa da satar mini gari, ashe cokalina ne. Ki sayi ƙaramin sikeli mai batir irin na masu kek, ki nemi murfin roba ko cokalin da in an cika an share bakinsa yake ba da daidai awonki, kowa ya riƙa amfani da shi. Ba sai kin auna kowane ƙulli ba. Ki ɗebi goma ki ɗora tare, su ba ki giram 60 da ɗan nauyin leda. Ko kuma ki ƙirga, in kilo ya ba ki ƙasa da 150 kin san akwai magana.

Kan maganar tauye mudu, da na san tana damun mai tsoron Allah: rage awo a fili daban, ɓoyewa daban. Ki rage girman ledar tare da yajin, kada ki bar tsohuwar leda ki hura mata iska. Ki rubuta giram a jikin takardar, ki kuma gaya wa masu shago da bakinki cewa kaya sun tashi, na hamsin ya ragu, ga na ɗari mai auki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar girman ƙulli a cika shi da gishiri ko garin masara. Ɗanɗanon nan shi ne dalilin da ya sa ake cewa a ba ni na wance, in ya tafi ba ya dawowa da sauƙi.

Ki kuma riƙa lissafi da farashin da za ki sayo kayan gobe, ba wanda kika saya ba. Masu shago sukan riƙe kuɗi mako biyu ko uku, kafin su biya barkono ya motsa. Da damina kuma yajin ƙuli yana jan danshi ya dunƙule, ƙaramin ƙulli ya fi saurin yin haka, don haka kada ki jibge wa shago dozin goma a dawo miki da uku. Ki kai dozin biyu na hamsin da dozin biyu na ɗari a shaguna biyar, bayan mako ɗaya ki koma ki ƙirga abin da ya rage a kan igiya. Shagon da na ɗari ya fara ƙarewa, ki daina kai masa na hamsin.