Timestamp ko timestamptz: wanne za ka zaɓa kafin agogo ya sace maka awa guda?

Kafin ka ƙirƙiri tebur a rumbun bayanai, ka fara duba wane irin lokaci za ka adana: na abin da ya riga ya faru ne, ko na abin da ake jira nan gaba? Gurbin da ya dace da ɗaya yakan ɓata ɗayan.

Zaɓi mafi sauƙi shi ne `timestamp` a PostgreSQL, ko `DATETIME` a MySQL. Wannan yana rubuta abin da agogon bango ya nuna ne kawai, bai san ko agogon wace ƙasa ba ne. A Birtaniya, ranar 27 ga Oktoba 2024, da ƙarfe 2:00 na dare ta buga sai aka mai da agogo 1:00, saboda haka 1:30 ta zo sau biyu a daren. Ta farko ita ce 00:30 a ma'aunin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya da ba a matsar da shi, ta biyu kuma 01:30. Idan biyan kuɗi ya shigo aka rubuta `2024-10-27 01:30` zalla, babu wanda zai iya gaya maka wacce ce. Kowace manhaja sai dai ta yi canke, kuma canken nasu ba ɗaya ba ne:

```sql
SELECT timestamp '2024-10-27 01:30' AT TIME ZONE 'Europe/London';
```

PostgreSQL zai ɗauki ta biyu, wato 01:30 UTC. Python kuwa, idan ka haɗa wannan lokacin da `ZoneInfo("Europe/London")`, ta farko zai ɗauka, 00:30 UTC, domin `fold`, alamar da ke nuna ta farko ce ko ta biyu, yana farawa ne daga 0. Layi ɗaya ne a tebur, amma rahoto biyu sun saɓa da awa guda, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. A ƙarshen Maris kuma akasin haka ne: ranar 31 ga Maris 2024 agogo ya tsallake daga 1:00 zuwa 2:00, don haka babu 1:30 kwata-kwata a daren, amma gurbin zai karɓe ta babu musu.

Don abin da ya riga ya faru, kamar biyan kuɗi ko shigar mai amfani, ni `timestamptz` nake zaɓa. Sai dai kada sunansa ya ruɗe ka, ba ya adana yankin lokacin da ka ba shi. Yana mai da lokacin UTC ne ya ajiye, sannan ya nuna maka shi bisa saitin `TimeZone` na haɗin da ka buɗe. Raunin nasa a ƙofar shiga yake: in ka aika masa lokaci ba tare da `+01:00` ko `Z` ba, zai ɗauka na yankin haɗin ne, kuma in saitin nan ya bambanta tsakanin kwamfutarka da sabar, to an ajiye kuskure. `TIMESTAMP` na MySQL ma kusan haka yake aiki, amma iyakarsa 19 ga Janairu 2038, wanda bai isa ba ga rancen shekara ashirin.

Wasu sun fi son adana adadin daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970. Babu ruɗani a ciki, amma ido ba ya iya karanta shi, sai an juya.

To ina batun gaba? Nan ne shawarar "ajiye komai a UTC" take tuntuɓe, domin gwamnatoci suna sauya dokar agogo. Masar ta dawo da agogon bazara, wato matsar da agogo gaba da awa guda a lokacin zafi, a ƙarshen Afrilun 2023. A ce tun watan Janairu an sa taro ƙarfe 10:00 na safe a Alƙahira cikin watan Yuni, aka ajiye 08:00 UTC. Bayan sauyin, manhaja za ta nuna 11:00, alhali mutane 10:00 suka yi alkawari. Irin wannan sai a adana shi a gurbi biyu: lokacin agogon bango a `timestamp`, da sunan yanki irin `Africa/Cairo` a gefensa, a riƙa lissafa UTC lokacin da ake buƙata, ana kuma sabunta `tzdata`, kundin dokokin agogo na yankuna, a sabar. Tazara irin `+02:00` ba za ta maye gurbin sunan yanki ba, don ita ba ta san ana canza agogo ba. Ranar haihuwa kuwa `date` ya ishe ta.

Idan bayananka sun riga sun goce, duba watannin da abin ya shafa. In bayanan Landan na tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba ne kaɗai suka goce da awa guda, na hunturu kuma lafiya lau, to agogon bazara ne aka yi watsi da shi, ko aka lissafa shi sau biyu. In kuwa duk shekara ne tazarar iri ɗaya, saitin yankin ne ba daidai ba. Kafin ka gyara da `ALTER TABLE`, ka bayyana yankin tsofaffin bayanan da `USING ... AT TIME ZONE`, in ba haka ba PostgreSQL zai yi amfani da yankin haɗinka, ya ƙara gocar da su.