Sharhina kan darasin jawo arziki da tunani da na biya a Tawa

Na biya jika 25 na shiga darasin wata mai horarwa da ke koyar da abin da ta kira dokar jawowa, ta saƙonnin murya a WhatsApp, ni da ƙanena ɗan baffana, wanda yake harkar albasa kamar yadda nake yi. Ba zan kama sunanta ba. Ina dai so mutanenmu na Tawa da Galmi da Madawa su san abin da ake sayarwa kafin su tura kuɗinsu.

Alkawarin da ta yi mana shi ne tunanin mutum yana da wani ƙarfi da ke janyo irinsa, wanda ya cika zuciyarsa da wadata wadata za ta zo masa, wanda ya cika ta da tsoron asara asara zai gani. Matakan uku ne: ka nema, ka gaskata cewa ka riga ka samu, sannan ka karɓa. An kuma ba mu aikin rubuta buri sau 3 da safe, sau 6 da rana, sau 9 da dare. Matakan nan uku ba ita ta ƙago su ba, suna cikin littafin The Secret na Rhonda Byrne, 'yar ƙasar Ostareliya, wanda ya fito a 2006, tushen aƙidar kuma ya fi haka nisa, don tun 1906 William Walker Atkinson ya buga littafi a Amurka da wannan suna na dokar jawowa. Da farko na ji daɗin darasin ƙwarai, domin ya tilasta mini na zauna na rubuta adadin ribar da nake so da lokacin da nake son ta, abin da 'yan kasuwa da yawa ba sa yi. Da a nan ta tsaya, da na yaba mata.

Abin da ya faru da ƙanena shi ya sauya ra'ayina. Ya ci bashin jika 400 ya sayi buhu 40 na albasa a lokacin kaka, jika 10 kowane buhu, ya ƙara jika 60 na kuɗin mota da na rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da na 'yan dako. Burin da yake rubutawa kullum shi ne miliyan ɗaya, wato ya sayar da buhu 40 cif a kan jika 25 idan kaya ya yi tsada a ƙarshen damina. Duk wanda ya taɓa ajiye albasa ya san wannan lissafi ba ya tsayawa, domin albasa tana ragewa a ajiya, wata ta bushe, wata ta tsiro, wata ta ruɓe, musamman wadda aka cika wa takin zamani, ko aka ci gaba da ba ta ruwa har gab da cira, ko aka tara ta wuyanta bai gama bushewa ba. Ya tambayi malamar a gaban kowa: "Hajiya, in kaya ya fara ruɓewa fa, yaya zan yi?" Ta amsa masa cewa ambaton ruɓa ma kiran ruɓa ne, ya daina kawo wannan magana a bakinsa da zuciyarsa, ya riƙa ganin rudunsa cike da lafiyayyar albasa. Na ce masa: "Ƙane, ka buɗe rudun nan ka tsince, kamar yadda Baffa ya koya mana." Ya ce mini: "Yaya, shakkarka ce za ta ɓata mini aiki." Ya rage duba kayansa, alhali albasa ɗaya da ta yi laushi a wuya ta fara wari tana lalata na kusa da ita, kuma danshin watan Agusta yana hanzarta abin.

Da ya zo sayarwa buhu 24 ya samu masu kyau, ya sayar a jika 18, ya tashi da jika 432 a kan jika 460 da ya zuba. Ko da a ce kashi ɗaya cikin uku kawai ya rasa, ya rage da buhu 27, sai ya sayar a sama da jika 17 kaɗan kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan lissafin minti biyar ne a bayan takarda, kuma shi ne daidai abin da darasin ya hana shi yi. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da ya samu da ya kai kukansa. Ta ce masa akwai ɓoyayyar shakka a zuciyarsa, ita ta jawo asarar, kuma akwai darasi na mataki na biyu da ke cire irin wannan shakka, kuɗinsa jika 50.

A nan ne na gane yadda aka gina abin. Idan ka samu, doka ta yi aiki. Idan ka rasa, kai ne ba ka gaskata da kyau ba. Babu sakamakon da zai iya nuna cewa dokar ƙarya ce, wannan kuwa shi ne babban abin da masu suka ke faɗa a kanta, domin maganar da ba a iya gwada ta a ga ta faɗi ba ta cancanci a kira ta doka ba. Shaidar da ake turo mana kullum ta waɗanda suka dace ce, waɗanda suka yi asara kuwa kunya ta sa su fice shiru. Sannan duk wanda ya yarda cewa tunani ne ke jawo komai, dole ya yarda cewa wanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gida shi ya kira ruwan, ni kuwa ba zan iya faɗa wa kowa wannan magana ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada sashen da ake iya gwadawa. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor, a jami'ar Kaliforniya ta Los Anjeles, sun sa wasu ɗalibai su riƙa suranta kansu sun ci jarrabawa da maki mai yawa, wasu kuma su riƙa suranta kansu suna karatun, a ina kuma da wane lokaci, na 'yan mintoci kullum kafin jarrabawa. Masu suranta karatun su suka fi samun maki. Gabriele Oettingen ita ma ta shafe shekaru tana nuna cewa jin daɗin mafarkin nasara yakan rage himma, domin zuciya takan ɗauka an riga an isa. Hanyar da ta fitar tana da matakai huɗu: buri, sakamakon da ake fata, cikas, da shiri. Mataki na uku, wato ka kalli abin da zai hana ka, shi ne wanda malamarmu ta haramta. Da ƙanena ya bi wannan, da ya rubuta cewa cikas ɗinsa ruɓa ce, shirinsa kuma shi ne ya buɗe rudu duk mako ya tsince, in ya ga ruɓa ta yi yawa ya sayar da wuri ko da riba kaɗan ce.

Akwai kuma abin da ya dame ni ta fuskar addini. Malamar takan kwatanta koyarwarta da kyautata zato ga Allah, amma a aikace duniya take cewa a roƙa, tana kuma ba da tabbacin samu, alhali mai addu'a ya san Allah yana bayarwa yana kuma hanawa bisa hikimarsa, kuma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na nemi a mayar mini da kuɗina, aka ce ba a mayarwa, washegari kuma aka cire ni daga rukunin. Ba na ba kowa shawarar shiga wannan darasi, musamman mai shirin cin bashi ko taɓa kuɗin adashi. Ƙanena har yanzu yana biyan sauran bashinsa.