Kafin ka kashe kudi kan manhajar gyaran hoto, duba wannan abu daya

Ni dai ma'aunina daya ne, in na rufe aiki yau, gobe mai hoto ta dawo ta ce a rage haske, zan iya ragewa ba tare da na faro daga farko ba? Abin da ya kona ni ke nan. Hoton wata amarya a Tudun Wada, na haskaka fuska kai tsaye a kan asalin hoton, na yi sabin a JPEG na rufe. Washegari sai ga uwar amarya, wai "dan nan ka mayar min da 'ya Balarabiya". Ctrl+Z ba ya aiki bayan ka rufe fayil, haka na kwana ina sake hoto 14.

Shi ya sa nake tare da Photopea. Kyauta ne, a burauza yake budewa, talla ce kawai a gefe, kuma yana bude PSD, wato fayil din Photoshop, yana ajiye shi da leyoyinka a rarrabe, kowane gyara a shimfidarsa daban a kan hoton. Yanzu in zan haska fuska, leyar Curves nake dorawa daga New Adjustment Layer, tana zuwa da farin mas dinta, wato abin da ke boye gyaran ko ya fitar da shi, sai in danna mas din in buga Ctrl+I ya koma baki, gyaran ya buya gaba daya. Daga nan farin buroshi mai laushi, karfi kamar 20, in shafa goshi da kumatu kawai, lalle da leshi ban taba su ba. Baki na boyewa, fari na fitarwa, in hannu ya zarce ka shafa baki a wurin. Hajiya ta ce ya yi yawa? Sai in rage Opacity, wato karfin leyar, daga 100 zuwa 60, shi ke nan. Amma a duba, in ka ga farin fenti na fitowa a fuskar mutum, to leyar hoto ka zaba ba mas ba. Aibin Photopea, fayil mai nauyi na sa karamin laftof nishi.

Photoshop shi ne uban tafiya, tun 1996 yake da irin wannan leyar, sai dai biyan wata-wata da dala. GIMP, wata manhajar kyauta, sai a 2025 ya samu filta da ake iya komawa a gyara, ni ban jira shi ba.

Sai 'yan damfara. Wani zai ce kawo dubu biyar ya sa maka Photoshop "orijinal har abada" daga filash, karya ne wallahi, tun 2013 sababbin fitowa haya ake yi. Kirak ne, wato manhajar sata, in ya ce ka kashe antibairos kafin ya sa, dauki laftof dinka ka tafi. Haka masu sayar da fayilolin PSD a WhatsApp, ka biya a turo maka hoto daya a manne. Ka ce su nuna maka Layers tukuna, in Background kadai ka gani kada ka tura ko sisi.