Ɗauri ko canji: maganar sarƙar moto

"Sarƙar motona 125 ta saki, tana dukan karter, na ɗaure sau nawa tana komawa. Bakanike ya ce sai an canza ta duka da piniyo da kuran. Gaskiya ne ko kuɗina yake so?"

Ɗan'uwa kafin ka zargi bakanike ka gwada da hannunka. Ɗora moton kan tsayuwar tsakiya, ka je bayan kuran, wato babban haƙorin taya ta baya, ka kama sarƙar ka jawo ta baya. In ta ɗan motsa kawai to ɗauri take so. In kuwa ta ɗago har ka ga fiye da rabin haƙori a buɗe, ta gama aiki, ɗauri ba zai mata komai ba don ƙusoshinta ne suka cinye. Mai son awo ya ɗauko mita: sarƙa 428 sabuwa gaɓa 20 milimita 254 ce, in ta kai wajen 259 jefar da ita.

Ta ɗauri abu ne mai sauƙi. Ka juya taya ka nemo inda ta fi tsauri, nan za ka auna, ka sassauta babban noti na taya, ka ja ƙananan notin dama da hagu daidai da juna kana duba zanen da ke jikin ƙarfen, ka bar mata wasa santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Masu ɗaure ta tam wai don ta daina ƙara, su ne ke kashe rulman da ke bayan piniyo, wato ƙaramin haƙorin gaba na jikin inji, mai ya fara zuba. Kar ka manta ka sake daidaita birkin baya.

Ta canji kuma nan ne mutane ke son wayo, a sayi sarƙa kaɗai a bar tsohon piniyo. Duba haƙoran, in sun yi tsini sun karkace kamar farcen shaho, sabuwar sarƙa ba za ta zauna cikinsu daidai ba, nan da nan za su cinye ta ka sake biya. Yanke gaɓa ɗaya ma da wasu ke yi rage tsawo ne kawai, cin yana nan. Sarƙa kaɗai sai in ta tsinke ne tun tana sabuwa, haƙora na nan lafiya. Taka da ke saki bayan kowane ɗauri, ni dai ina bayan bakanikenka, canza ukun gaba ɗaya.

Sai mai. Da rairayin Damagaram ɗin nan, balle mai bin hanyar Mirriya lokacin hunturu, giris mai kauri ƙasa yake tarawa ya koma yana goge ƙarfe. Baƙin man bidanj shi ma datti ne cikinsa. Wanke da kananzir da buroshi, ta bushe, ka ɗiga man giya 90 ta cikin sarƙar kana juya taya da hannu, inji a kashe don yatsunka, sannan ka goge na waje da tsumma.