In ƙara ban haƙuri ne ko in gyara jimlolin?

"Jama'a, na rubuta wa shugabana imel kamar haka: 'Har yanzu ba ka sa hannu a takardar sayen kayan ba tun ranar 3 ga wata. Ka sa hannu kafin Alhamis, in ba haka ba kaya ba za su iso ba.' Da na sake karantawa sai na ji kamar faɗa nake yi masa. Wani ya ce in cika shi da gaisuwa da ban haƙuri, wani ya ce in canja kalmomin kawai. Wanne ya fi?"

Malam, canja kalmomin. Ban haƙurin nan na taɓa gwada shi, ban ji daɗinsa ba. Amfaninsa ɗaya, ba ya cin lokaci: ka liƙa "don Allah a yi haƙuri da damuwa" a sama da ƙasa ka tura. Amma jimlar da ke cizo tana nan a tsakiya yadda ka bar ta, kuma ita shugaban zai gani. Ni da na yi, garin lallashi har na mayar da "kafin Alhamis" ya koma "idan an samu sarari". Aka ɗauke ni a kan maganata, sarari bai samu ba sai bayan mako biyu.

Ɗaya hanyar wata tsohuwar sakatariya ce ta koya mini, Allah ya saka mata da alheri. Na kai mata irin wannan saƙo, ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin abu huɗu: takardar da ake magana a kai, ranar da aka tura ta, abin da nake nema da wa'adinsa, da abin da zai faru idan ba a yi ba. Ta ce, "Waɗannan ba a taɓa su, ɗana. Sauran duk riga ce, sai mu sauya." Cikin minti biyar ta gama, kuma a ranar aka sa hannu.

Mu yi wa naka haka. Jimlar farko ta ɗora laifi a kansa kai tsaye, domin "ba ka sa ba" shi take nunawa da yatsa. Ka mayar da maganar kan takardar: ita ce ke jira. "Har yanzu" da "tun" kuwa ƙorafi ne, ba su ƙara wani bayani ba tunda ga kwanan wata a rubuce, don haka su fita. "Ka sa hannu" umarni ne, na ƙasa kuma roƙo yake yi. "In ba haka ba" ita ta fi muni, don kunne barazana yake ji, alhali dalili kake son bayarwa. Sa "domin" a gurbinta. Sai ya zama:

"Ranka ya daɗe, takardar sayen kayan da na turo ranar 3 ga wata tana jiran sa hannunku. Ina roƙon ku sa mata hannu kafin Alhamis, domin idan ta kai ranar ba a sa ba, kayan ba za su iso ba. Na gode."

Ka lura na rubuta "ku sa", ban rubuta "a sa" ba. "A" ta fi taushi, gaskiya ne, amma tana ɓoye wanda zai yi aikin. Idan akwai wasu da aka haɗa a cikin imel ɗin, kowa sai ya zaci da wani ake. A wurin ambaton kuskure "a" tana da rana, kamar "ba a sa ba" ɗin can. A wurin roƙo kuwa, "ku" ta girmama shi kuma ta nuna shi ake nufi.

Kafin ka tura, ajiye tsohon kusa da sabon ka ƙirga abubuwa huɗun nan. Idan "wataƙila" ko "ina ganin kamar" ta kutso gaban abin da ka tabbatar, ka taɓa ma'ana ke nan, cire ta. Ka kuma duba ƙananan kalmomin da muke jefawa ba mu sani ba, irin su "ai", "fa" da "mana". A baki murya tana sassauta su, a rubuce babu murya, "ai na turo" sai ta zama gori.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar "turo mu gyara maka wasiƙa" a biya su. Da yawansu samfuri ɗaya suke liƙa wa kowa, su cusa maka manyan kalmomi, wa'adinka ya ɓace a ciki, ga shi kuma ka miƙa wa baƙo maganar cikin ofis da sunan shugabanka a jiki. Naka jimla biyu ne kacal. Kwafi wanda na rubuta a sama, in mace ce ka mayar da shi "ranki ya daɗe", ka tura tun yau.