Gargaɗi ga mai neman akori-kura ta kai kaya kasuwa: naira miliyan 8 da dubu 700 muka zuba a kan shasin walda

Naira miliyan 8 da dubu 700. Ban da la'adar dillali dubu 150. Kuɗin yayana ne, jarin hatsin da yake ɗauka daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, kuma ni ne na duba motar na ce masa ya biya. Hilux ce mai gida ɗaya, injin fetur 3RZ, fara, fenti yana sheƙi. Aka ce mana Baljiyam ce, ba ta taɓa aiki a ƙasar nan ba. Yau tana kan duwatsu a gareji, ƙarfen shasinta a tsage, kan injinta a kwance a ƙasa. Ina da hoton waldar, da rasit, da saƙonnin da muka yi da mutumin da ya sayar mana, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin waya da ke ciki.

Kada wani ya ce ban duba ba. Na duba. Na zaro sandar baƙin mai, na ga mai garau. Na buɗe murfin da ake zuba man, babu wannan farin kumfa mai kama da madara da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Na sa giya ta uku daga tsaye na saki kuloci, mota ta mutu nan take, alamar faifan kuloci yana kamawa. Na murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Na taka birki. Duk wannan na yi. Abin da ban yi ba guda ɗaya ne, shi ne kuma yake hana ni barci: da muka iso na ɗora hannu a kan bonet na ji ɗumi. Na ce, "Alhaji, an tayar da ita ne?" Ya ce, "Ai wanke ta yara suka je suka yi, don ku gan ta fes." Na yi shiru. Hannuna yana kan bonet ɗin, ina jin ɗumin, na yi shiru. A nan miliyan 8 da dubu 700 suka tafi.

Mota mai ciwo a inji da safe take tona kanta, lokacin da ta kwana ba a taɓa ta ba. Idan zoben fistin ya ci ko roban bawul ya bushe, tashin farko za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa. Idan gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ruwa yakan tsiyaya cikin silinda da daddare, sai ta tashi tana karkarwa da farin hayaƙi mai kauri na ɗan lokaci, daga nan ta daidaita kamar ba ita ba. Mai sayarwa ya san wannan sarai, shi ya sa yake ɗuma ta kafin ka iso. Kuma inji da zafi ba ka isa ka buɗe murfin lagireto ba, ruwa zai ƙona ka. To gwajin da ya fi kowane sauƙi a nan yake: inji da sanyi, ka buɗe murfin, ka cika ruwa har wuya, a tayar, ka zuba ido. In kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta tsayawa, iskar silinda ce take shiga ruwan. Wannan motar da muka gwada ta haka daga baya, kumfa take yi kamar tukunya.

Sun kuma cire tamastat. Ɗan ƙarfen nan ne da ke bakin bututun ruwa, wanda yake rufe hanya har sai ruwa ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe. Na san makanikai da yawa a nan suna cire shi da sunan ƙasarmu da zafi, amma a motar sayarwa rashinsa abin tuhuma ne, domin ruwa yana ta zagayawa tun daga tashi, allurar zafi ba ta hawa a ɗan zagayen unguwa da ba kaya. Mun yi tafiyar da ba ta kai kilomita 5 ba, bayan mota wayam. Allura tana ƙasa, na ce wa Yaya, "Ka ga ko zafi ba ta yi." Ashe wannan ɗin ma shaida ce a kanta: lafiyayyen inji allurarsa takan hau tsakiya cikin 'yan mintoci ta tsaya a nan. Baƙin man garau da na gani kuwa sabo ne aka zuba, aka haɗa da maganin nan mai kauri kamar zuma da ke danne ƙara da hayaƙi na ɗan lokaci.

Kafin ma a kai ga nan, tun ranar farko da aka yi waya, abin da ya ja hankalin Yaya shi ne maganar buhu. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan buhu 20 na masara take ɗauka ba ta ko sunkuya." Ya nuna mana sifirin ɗin baya, ya ƙirga mana ganyensa, an ƙara biyu kowane ɓangare. Ƙaryar da ake cin 'yan kasuwa da ita ke nan, kuma na san ƙarya ce, na ɗauka dai cika baki ne irin na masu sayarwa. Akori-kura irin wannan kayan da aka yi ta don shi bai wuce wajen tan ɗaya ba, kuma cikin tan ɗin har da direba da yaron mota da kejin ƙarfen da aka ɗora a baya. In buhu kilo 100 ne, ka samu takwas ko tara. Buhu 20 tan biyu ne. Ƙarin ganyen sifirin yana hana bayan mota zama ƙasa ne kawai. Bai ƙara wa aksul ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa taya ba. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa ya shanye, kai tsaye shasi yake bugawa a kowane rami. Tambayar da ya kamata in yi ita ce: wa ya ƙara ganyen sifirin a motar da aka ce ba ta taɓa aiki a nan ba?

A mako na uku ta tsage, da buhu 11 kacal a kai, a kan hanyar birji. A'a, zafin ne ya fara, tun mako na farko direba ya ce tana shan ruwa kusan lita 2 kullum ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Tsagewar daga baya ce. Ƙarfen shasi na hagu, tsakanin gidan direba da bodi, kusa da inda kunnen sifirin yake. Da aka kankare baƙin fenti mai kauri da suka fesa a ƙasan motar, sai ga tsohuwar walda a miƙe daga sama har ƙasa, an goge ta da garanda ta yi sumul, ko faranti ba a ɗora mata ba. Sabuwar tsagar gefen waldar ta bi, inda wuta ta riga ta gasa ƙarfen. Na leƙa ƙasan motar ranar saye, wallahi na leƙa, na ga baƙi wuluk, aka ce maganin tsatsa ne na ƙasar Turai saboda gishirin da suke zubawa a titi. Maganar ta shige ni domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai na Turai tsoho ne, ya bushe ya yi ƙura. Wannan farce yana shiga cikinsa, har kan kusoshi da bututun birki an fesa shi.

Da awo ɗaya da tef na tela an kama su. Ka miƙar da sitiyari, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama, dole su zo daidai. Tamu bambancin ya kusa inci ɗaya. Ka tsaya a gefe ka kalli ratar da ke tsakanin gidan direba da bodi: in sama ta matse ƙasa ta buɗe, ko akasin haka, shasi ya taɓa lanƙwashewa. Ka sa wani ya tuƙa ta a miƙe kai kana baya, mai karkataccen shasi takan tafi a kaikaice. Tayoyin ma sun faɗa: na baya ba na kaya ba ne, babu harafin C a bayan lambar girmansu kamar yadda ake gani a 195R14C.

Sai takardu. Miliyan 2 muka fara bayarwa kafin alƙalami tun ba mu ga takardar kwastan ba, saboda an ce wani daga Gusau yana hanya da kuɗi a hannu. Miliyan 2, a asusun da sunansa daban da na mai motar, wai na ƙaninsa ne. Da kuɗinka ya shiga hannun mutum, idonka yakan daina neman aibi, sai neman dalilin ƙarasawa. Na gwada lambar shasi ta takarda da ta ɗan farantin da ke cikin bonet, suka yi daidai. Farantin nan da ƙusa biyu ake kafa shi, kowa yana iya sauyawa. Lambar gaskiya ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi ta ɓangaren dama, ita ma fentin nan ya rufe ta. Da muka goge, lambobi biyu na ƙarshe ba su ne a takarda ba. Ke nan dutin wata mota ne. Gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017, don haka duk wadda aka ce maka ta Kwatano ta biyo, takardarta ce farkon abin bincike, kuma a ofishin kwastan ake tantance ta, ba a hannun dillali ba. Ko an gyara motar nan yau, kowane shinge fargaba ne.

Na kira mai motar. Ya ce, "Malam, ai da makanikinku kuka zo, ido ya gani hannu ya biya." Makanikin ni ne. A takardar ciniki kuwa an rubuta an saya yadda aka gani, Yaya ya sa hannu, ni na sa a matsayin shaida. Dillalin ya kashe waya. Yaya bai ce mini komai ba sai, "Ƙaddara ce, ka bar sa kanka a damuwa," amma kaya yanzu a motar haya yake kai su, kaka tana wucewa. Mun kai ƙara, za mu bi ta har inda ta tsaya, kuma saƙon da mai motar ya rubuta da hannunsa cewa ba ta taɓa aiki a Najeriya ba yana nan.

In za ka saya: ka je da asuba ka same ta da sanyi, in ka tarar da ɗumi ka koma gobe. Ka ɗora mata buhunan da za ta riƙa ɗauka ka yi tafiyar rabin awa. Ka hau da ita kan rami da tocila da abin kankara. Kada ka ba da ko sisi sai kwastan sun tantance lambar da ke jikin ƙarfe. In kayanka tan biyu ne, motar Kanta za ka nema.

Hoton waldar zan fara ɗorawa, sai na lambar shasi kusa da takardar.