Sharhi: manhajar da ke daidaita motsa jiki da zagayowar al'ada lokacin rage kitse

Na yi amfani da wannan manhaja tsawon zagayowar al'ada uku cur. Ƙasa da haka sharhin ba zai yi ma'ana ba, domin abin da take auna wa sai wata ya zagayo yake bayyana. Aikinta iri biyu ne: tana karɓar nauyin da kika hau sikeli kika gani kowace safiya tare da ranar da jini ya fara zuwa, sannan tana tsara miki ɗaga ƙarfe na mako gwargwadon inda take zaton kike a zagayowar. Aikin farko ta iya shi sosai. Na biyun kuwa da sauran gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta gwada wannan makon da makon jiya. Tana gwada makon farko na wannan zagayowar da makon farko na wadda ta wuce, na huɗu da na huɗu. Dalilin kuwa ruwa ne. A kwanakin da ke gab da zuwan jini, da ranakun farko na jinin, jikin mata da yawa yana riƙe ruwa, daga rabin kilo har zuwa kilo 2, ga kumburin ciki, ga bayan gida da kan yi nauyi. Sikeli bai san bambancin ruwa da kitse ba, jimla kawai yake faɗa.

Ɗauki mace mai zagayowar kwana 30, wadda ke cin kalori 400 ƙasa da abin da jikinta ke ƙonawa a rana. A kwana 30 ta tara giɓin kalori 12,000. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, ke nan abin da za ta sa rai da shi a wata kimanin kilo ɗaya da rabi ne. A ce matsakaicin nauyinta a makon farko kilo 72.4 ne, na biyu 71.6, na uku 71.5, na huɗu kuma ya koma 72.1. Duk wadda ta ga 72.1 bayan 71.5 za ta ce wahalar banza take yi. Alhali a wannan makon ma ta zubar da kusan giram 360 na kitse, ruwan da ya kai kusan kilo ɗaya ne ya lulluɓe shi. Da jini ya zo ruwan ya sauka, makon farko na sabuwar zagayowa ya ba da 71.0. Daga 72.4 zuwa 71.0, kilo 1.4 ke nan, kusan daidai da lissafi. Shi ma faɗuwar da aka gani daga makon farko zuwa na biyu, giram 800 a mako guda, ba duka ne kitse ba. Kada a ɗauke shi a matsayin gudun da za a ci gaba da yi.

A makon huɗu ne ake yawan yin ɓarna. Mace ta ga sikeli ya hau, sai ta sake zaftare abinci a daidai lokacin da yunwa ta fi tsananta, domin bayan fitar ƙwai sinadarin firojestaron yana hawa, cin abincin mata da yawa kan ƙaru da kalori 100 zuwa 300 a rana. Kwana biyu ko uku ta daure, a na huɗu ta cinye abin da ya shafe giɓin mako. Manhajar tana toshe wannan ƙofar: tana ƙara kalori 150 a kowace rana ta makon ƙarshe. Jimlarsu 1,050, wato kitsen da bai kai giram 150 ba. Wadda ba ta son asarar ko da wannan tana iya rage kimanin kalori 45 a kowace rana cikin sauran kwana 23, lissafin wata ya tsaya yadda yake. Furotin kuwa manhajar ba ta taɓa shi, tana barin sa a kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma na ga hakan daidai ne.

To, sai batun ƙarfe. Da zarar manhajar ta lissafa cewa ƙwai ya fita, sai ta rage nauyin da ake ɗagawa da kashi 20 cikin ɗari, ta bar shi haka har jini ya zo. Mako biyu ke nan a kowane wata ana ɗaga abin da bai kai ƙarfin mutum ba, a lokacin da abinci ya yi ƙasa kuma nauyin ƙarfen ne ke sa jiki ya riƙe tsoka. Hujjar ma ba ta da ƙarfi. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike 78 ya samu cewa bambancin ƙwazo tsakanin matakan zagayowar ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ɗan raguwar da aka gani a ranakun farko na jini take, ba a mako biyun da manhajar ke sassautawa ba. Bambancin da ke tsakanin mace da mace ya fi wanda ke tsakanin mako da mako.

Ƙari a kan haka, ranar fitar ƙwan ma hasashe take yi. Har sai da na shigar da zagayowa biyu kafin ta daina ɗora shi a rana ta 14. Ƙwai yakan fita ne kimanin kwana 14 kafin jini na gaba, don haka mai zagayowar kwana 30 nata yana wajen rana ta 16, mai kwana 35 kuma wajen ta 21. Mai son tabbaci sai ta riƙa auna zafin jikinta da asuba kafin ta sauko daga gado; yakan hau da digiri 0.3 zuwa 0.5 na ma'aunin Celsius bayan fitar ƙwai ya tsaya a nan. Babu gurbin shigar da wannan a manhajar, kuma rashi ne babba.

Na kashe sashen da ke rage nauyin ƙarfe na koma barin ɗumama jiki ya yanke hukunci. A ce tsarin ranar shi ne tsuguno da kilo 50, sau takwas, zagaye uku. A fara da kilo 30, sai 40. Idan 40 ya tashi yadda ya saba, a yi tsarin yadda yake, ko da rana ta 26 ce. Idan ya yi nauyi, ko barci bai samu ba, ko mara na murɗawa, a bar kilo 50 ɗin a yi zagaye biyu maimakon uku. Sai idan hakan ma ya gagara ake sauka zuwa 45. Zagaye ake fara ragewa kafin nauyi. Wadda ranar farko da ta biyu na jini ke kwantar da ita, ta musanya su da ranar hutu ko tafiya da ƙafa ta minti 30, ta matsar da atisayen gaba.

Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ba ta fitar da ƙwai, don haka matakan da manhajar ke zanawa ba su shafe ta ba, sashen nauyin jiki kaɗai zai amfane ta. Kuma manhajar ba ta cewa komai idan jini ya fara jinkiri ko ya ɗauke, kwanaki kawai take ci gaba da ƙirgawa. Lokacin rage kitse wannan na iya nuna cewa abinci ya yi wa jiki kaɗan ainun. Idan zagayowa ta fara zarce kwana 35, a yi gwajin ciki, a mayar da abinci daidai da abin da jiki ke ƙonawa; idan wata uku ya wuce babu jini, likita ake gani.